Yadda Ake Ƙiyasta Akwatunan da Za a Aika Wata Mai Zuwa Daga Adadin Masu Rajista

Mai sana'ar aika wa kwastomomi akwatin kaya duk wata yana da wata matsala da mai shago ba shi da ita. Sai ya sayi kayan akwatin kafin ya san mutum nawa ne za su biya. Mai kawo masa kaya yana son a faɗa masa adadi tun da sauran makonni, masu buga kwali ma haka, alhali kuɗin kwastomomi ba zai shigo ba sai ranar da aka cire shi daga katinsu. To, abin da galibi ake yi shi ne a buɗe manhajar karɓar kuɗi, a dubi lambar da ke sama wadda ke nuna masu rajistar da ke kan tsari, a ce wa mai kawo kaya ya aiko da wannan adadin. A nan ake fara shiga uku, domin wannan lambar mutane take ƙirgawa, kai kuwa akwatuna kake nema, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana iya kaiwa ɗaruruwa.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke ciki na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Naka alƙaluman kai za ka ciro su daga tarihin sana'arka, kuma zan nuna yadda ake yi.

Fara da ranaku uku

Kafin ka taɓa kowane lissafi, rubuta ranaku uku a saman takarda. Ta farko ita ce ranar da dole ka ba mai kawo kaya oda. Ta biyu ita ce ranar da ake cire kuɗin tsofaffin kwastomomi. Ta uku ita ce ranar rufe ƙofa, wato ranar ƙarshe da sabon mutum zai shiga ya samu akwatin wannan watan, wanda ya zo bayanta sai wata na gaba.

A misalinmu ana ba da odar akwatin Afrilu ranar 15 ga Maris. Ana cire kuɗi ranar 1 ga Afrilu. Ana rufe ƙofa ranar 10 ga Afrilu, a fara ɗaure kaya bayan nan. Saboda haka tambayar da kake amsawa ranar 15 ga Maris ita ce: cikin mutanen da nake gani yau, nawa ne za su kasance sun biya zuwa 10 ga Afrilu, kuma sababbi nawa ne za su ƙaru kafin nan? Duk wani kaso da za ka yi amfani da shi dole ya dace da wannan tsakanin. Za mu ga dalili nan gaba kaɗan.

Ciro jerin sunaye, ka ajiye lambar da ke allo

Ranar 15 ga Maris allon manhaja ya nuna 2,400. Kada ka yi aiki da ita. Sauke cikakken jerin masu rajista zuwa Excel ko Google Sheets, kowane mutum da layinsa, da lambar shaidarsa, da irin tsarin da yake kai, da ranar da ya shiga, da yawan akwatunan da suka rage masa in ya biya gaba, da kuma ko ya riga ya danna sokewa.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yaudarar mutane. A manhajar karɓar kuɗi ta Stripe, alal misali, wanda ya ce a soke masa rajista a ƙarshen lokacin da ya biya yana ci gaba da fitowa da matsayin `active` har lokacin ya cika, sai dai za ka ga `cancel_at_period_end` yana nuna `true`. Mutumin ya riga ya yi sallama, takalminsa ma yana hannu, amma allo yana ƙirga shi. Haka nan akwai matsayin `past_due`, na wanda aka gwada cire kuɗinsa abin ya ƙi, da `trialing`, na wanda yake lokacin gwaji. Kowace manhaja da nata sunayen da kuma waɗanda take tarawa cikin lambar da ke sama. Ka bincika taka sau ɗaya, ka rubuta abin da ka gano, don kada ka sake wannan binciken kowane wata.

Yanzu ka raba 2,400 ɗin nan gida-gida bisa yadda kowane rukuni yake samun akwati. A misalinmu sun rabu haka: masu biya wata-wata 1,600, waɗanda suka biya na wata uku ko shida gaba ɗaya 460, masu karɓa bayan kowane wata biyu 200, waɗanda wani ya saya musu kyauta 100, sai kuma mutum 40 da suka shiga bayan an rufe ƙofar Maris, sun biya, suna jiran akwatinsu na farko a Afrilu. Ƙirga rukuni ba ya buƙatar wata dabara. In shafi na B yana ɗauke da irin tsari, wannan ya isa:

```
=COUNTIF(B:B,"wata")
```

Ka tara rukunan ka tabbata sun ba ka 2,400 cif. In ba su ba ka ba, akwai wasu mutane da ba ka san inda suke ba, kuma gara ka nemo su yanzu.

Masu biya wata-wata: nan aikin yake

Wannan rukunin shi ne mafi yawa, shi ne kuma mafi motsi. Ana tace shi sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin yana da muhimmanci domin kowace tacewa ana yin ta ne a kan abin da ta baya ta bari.

Tacewa ta farko ba ƙiyasi ba ce, ƙirga ce. Cikin 1,600 akwai 60 da suka riga suka danna sokewa. Cire su. Saura 1,540.

Ta biyu ita ce waɗanda za su soke tsakanin yau da ranar cire kuɗi. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya ɗauko kason masu ficewa na wata guda cikakke ya ɗora a kan 1,540. Ai wancan kason ya ƙunshi irin mutum 60 ɗin da ka riga ka cire, ka ga ke nan ka cire su sau biyu, ƙiyasinka ya yi ƙasa, kaya su yanke maka. Abin da kake buƙata shi ne kason waɗanda ba su soke ba zuwa ranar 15 amma suka soke kafin ranar 1.

Kuma kada ka yi wa kowa kuɗin goro. Wanda ya karɓi akwatinsa na farko a wannan watan bai gama yanke shawara ba, ya zo ya gani ne. Wanda ya shekara yana karɓa kuwa abin ya zame masa jiki. Ficewar kashin farko takan fi ta na biyu yawa a irin wannan sana'a, don haka in ka haɗa su ka ɗauki matsakaici, lissafinka zai yi daidai ne kawai a watan da yawan sababbi bai canja ba. Ranar da ka yi babban talla sababbi suka cika jerin, matsakaicin zai ci amanarka. A misalinmu, cikin 1,540 akwai 240 da akwatin Maris ne na farkonsu, da tsofaffi 1,300. Tarihi ya nuna kashi 15 cikin 100 na sababbi suna sokewa a wannan tsakanin, tsofaffi kuma kashi 3. Sababbi za su rage 204, tsofaffi 1,261. Jimla 1,465.

Wasu suna raba mutane gida shida ko goma, na wata ɗaya, na wata biyu, na wata uku, har gaba. Ni dai ina ganin in mutanenka ba su kai dubbai masu yawa ba, gida biyu ko uku sun wadatar. In ka yi ta yankawa har rukuni ya koma mutum 30, kason da za ka samu sa'a ce kawai take juya shi, mutum biyu su fita ya yi tsalle. Rabo ɗaya da ya cancanci ƙarin wahala shi ne na waɗanda suka shigo ta hanyar babban rangwame. Wanda ya karɓi akwatin farko a rabin kuɗi, ranar da za a cire masa cikakken kuɗi ita ce ranar gwajinsa ta gaskiya, kuma irinsu sun fi sauran sababbi gudu. In kana da su da yawa a wannan watan, ka ware su da nasu kason.

Tacewa ta uku ita ce masu tsallake wata. Waɗannan ba su tafi ba, sun ce a bar su wannan karon, ko don tafiya, ko don kayan baya ba su ƙare ba. Allo yana ƙirga su, amma ba su da akwati. Zuwa 15 ga Maris mutum 45 ne suka danna tsallake Afrilu, sai dai da yawa daga cikin masu tsallakewa suna yi ne a kwanakin ƙarshe, musamman bayan saƙon tunatarwa cewa an kusa cire kuɗi ya isa gare su. Don haka 45 ba ita ce amsar ba. Tarihi ya ce zuwa ranar cire kuɗi kashi 6 cikin 100 ne suke tsallakewa. Kashi 6 na 1,465 ya kama mutum 88, kuma 45 ɗin nan suna cikinsu, ba ƙari ba ne a kai. Saura 1,377 da za a gwada cire kuɗinsu.

Wani abin lura a nan: waɗanda suka tsallake Maris suna nan cikin jerinka, kuma a Afrilu za su dawo layi. Shi ya sa fara lissafi daga yawan akwatunan da ka aika watan jiya yake ɓatar da mutum. Daga jerin mutane ake farawa.

Ta huɗu ita ce katin da ya ƙi. Katin wani ya ƙare wa'adi, wani babu isasshen kuɗi a ciki, wani bankinsa ne ya hana. A misalinmu kashi 8 cikin 100 suna ƙi a gwajin farko, mutum 110 ke nan. Ba duka ne asara ba, domin manhaja tana sake gwadawa cikin kwanakin da ke biye, wasu kuma suna ganin saƙo su sabunta katinsu. Abin da ya dame ka shi ne nawa ne suke gyaruwa kafin ranar rufe ƙofa. Wanda kuɗinsa ya shigo ranar 20 ga wata mai kula da asusu zai yi murna da shi, amma bai shiga cikin kayan da aka ɗaure ranar 12 ba, sai dai in ka saba aika wa makararru daga baya, wanda in haka ne sai ka ƙirga su. A nan kashi 60 cikin 100 suna gyaruwa a kan lokaci, wato 66. An rasa 44. Daga 1,377 saura 1,333.

Ka ga rukunin da allo ya ce 1,600 ne ya koma akwati 1,333.

Sauran rukunan

Waɗanda suka biya gaba sun fi sauƙi, in dai ka duba shafin akwatunan da suka rage. Cikin 460, mutum 380 har yanzu suna bin ka bashin akwati, ba ruwansu da kati ko sokewa. Kusan 10 daga ciki sukan ɗage wata, saura 370. Sauran 80 akwatin Maris ne na ƙarshensu, yanzu za a nemi su sake biyan dunƙulallen kuɗi. Tarihi ya ce kashi 65 cikin 100 suna sabuntawa har kuɗin ya shigo, mutum 52. Rukunin ya ba da 422. Hatsarin wannan rukuni shi ne ba ya zubewa a hankali. Yana iya yin wata biyar shiru, sannan a wata na shida ɗaruruwa su kai ƙarshen wa'adinsu lokaci guda, saboda duk a tallan da aka yi wata shida baya suka shigo. Shafin akwatunan da suka rage yana nuna maka wannan tun daga nesa, in kana dubawa.

Masu karɓa bayan wata biyu su 200 ne, kuma hannu yana saurin raba su biyu ya rubuta 100. Kada ka yi. Ƙirga su ɗaya-ɗaya bisa watan da ya faɗo musu. A misalinmu 120 suna karɓa a Janairu, Maris, Mayu, 80 kuma a Fabrairu, Afrilu, Yuni. Na Afrilu 80 ne, kuma kashi 90 cikin 100 ne sukan kai ga biya, wato 72.

Na kyauta su 100. Wa'adin 35 ya ƙare da Maris, 65 suna ci gaba. Wanda aka yi wa kyauta ba shi ya sa katinsa ba, don haka kaɗan ne suke ɗorawa da kuɗinsu, a ce 3. Sun zama 68. Mutum 40 masu jiran akwatin farko kuwa sun riga sun biya, a rubuta su 40.

In aka tara 1,333 da 422 da 72 da 68 da 40, an samu 1,935. Wannan shi ne abin da 2,400 ta haifa.

Sababbin da ba su iso ba tukuna

Daga 16 ga Maris zuwa 10 ga Afrilu kwana 26 ne. A makonnin baya ana samun kusan mutum 8 a rana, saboda haka 208. Lissafin ya yi sauƙi har ya ba da kunya, amma shi ne layin da ya fi kowane rauni a duk takardar. Sauran layukan suna magana ne a kan mutanen da ka san sunayensu da halinsu. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Abin da zai taimake ka shi ne ka zauna da mai kula da talla, ko da kai ne da kanka, ka tambayi abin da aka shirya a waɗannan kwanaki 26. Za a ƙara kuɗin talla ko za a rage? Akwai rangwame? Akwai wani mai mabiya da yawa da zai nuna akwatin? In akwai, ka nemo abin da makamancinsa ya kawo a baya ka ƙara shi a layi na daban, kada ka cusa shi cikin matsakaicin rana. Kuma ka ɗauki abin da ya faru a baya, ka bar abin da mai talla yake fata. Sannan matsakaicin ranar ma ka ɗauke shi daga makonnin da babu wani abu na musamman, in ba haka ba tallan watan jiya zai kumbura maka ƙiyasin wannan watan.

Akwai sauƙi guda a nan. Sababbi ne kaɗai rukunin da kake da ikon tsayar da shi. In kaya sun kusa ƙarewa, kana iya rufe ƙofa da wuri ka ce wa masu zuwa akwatinsu na farko sai Mayu. Tsohon kwastoman da aka riga aka cire kuɗinsa kuwa ba ka da abin da za ka ce masa. Shi ya sa ranar da kaya suka yi ƙaranci, tsofaffi ake fara ware wa nasu.

Yanzu muna da 2,143. Saura akwatunan da babu wanda ya biya su amma sai sun fita daga sito: na maye gurbin wanda ya ɓata a hanya ko ya isa a fashe, da waɗanda ake aika wa masu talla ko ake ɗaukar hoto da su. A misalinmu na farkon sukan kai 25, na biyun 15. Ƙiyasin ya tsaya a 2,183.

Inda kason yake fitowa

Duk kason da na ambata, 15 da 3 da 6 da 8 da sauransu, hanya ɗaya ake samun su, kuma ita ce abin da ya kamata ka fara yau ko da ba ka yi komai ba cikin sauran. Kowane wata, a ranar ba da oda, ka sauke jerin ka adana shi da kwanan wata a sunansa. Manhajoji da yawa suna nuna maka yadda abubuwa suke a yanzu ne, ba sa iya gaya maka da sauƙi yadda jerin yake ranar 15 ga watan da ya wuce. In ba ka adana ba, ya tafi.

Bayan an rufe ƙofa, ka ɗauko jerin waɗanda aka aika wa akwati ka gwama shi da wanda ka adana. In jerin aikawar yana shafi mai suna Afrilu, lambar shaidar kowa kuma tana A a duka jerin biyu, wannan zai nuna 1 ga wanda ya samu akwati, 0 ga wanda bai samu ba:

```
=COUNTIF(Afrilu!A:A,A2)
```

Ga duk mai 0, ka rubuta dalili guda: ya soke, ya tsallake, katinsa ya ƙi, ko wa'adinsa ya ƙare. Daga nan kaso yake fita. In za ka haɗa watanni, kada ka ɗauki matsakaicin kason kowane wata. Tara duk waɗanda suka soke a watanni uku zuwa shida na baya, ka raba da jimlar duk waɗanda suke layi a waɗannan watannin. Ta haka watan da mutane suka yi yawa zai fi nauyi, kamar yadda ya dace. Watan da ka san wani abu ya faru da ba zai maimaitu ba, kamar ƙarin farashi ko jinkirin da ya fusata mutane, ka sa masa alama ka yanke shawara da idonka ko zai shiga. In kuwa a wannan watan ne za ka ƙara farashin, to tarihin watannin lumana ba zai yi maka aiki ba, sai ka ɗaga kason ficewa da hannu.

Wanda bai daɗe da farawa ba, ba shi da wata shida. Ya yi da abin da yake da shi, ko wata biyu ne, ya bar rara mai ɗan yawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Rara: nawa za a ɗora a kai?

2,183 shi ne abin da ya fi yiwuwa, wanda ke nufin kusan rabin lokaci ainihin adadin zai wuce shi. In ka yi odar 2,183 daidai, ka yarda ke nan kaya su yanke maka wata ɗaya cikin biyu. Mutane da yawa sukan ɗora kashi 10 cikin 100 don kawai lambar ta yi kyau a baki. Akwai hanyar da ta fi wannan.

Tambayi kanka abu biyu. In akwati ɗaya ya rage ba a aika ba, me ka yi asara? Kuɗin kayan ne, a cire abin da za ka iya samu in ka sayar da shi daga baya ko ka sa kayan a wani akwatin. In kuma akwati ɗaya ya gaza, me ka yi asara? Ribar wannan watan, da wahalar mayar da kuɗi, da yiwuwar mutumin ya tafi gaba ɗaya da ribar watannin da zai yi nan gaba. A ce asarar gazawa ta ninka ta ragowa sau uku. Sai ka raba 3 da jimlar 3 da 1, ka samu kashi 75 cikin 100. Ma'anarsa ka yi odar da za ta ishe ka a wata uku cikin kowane huɗu. In kayanka masu lalacewa ne ko masu wucewar yayi, asarar ragowa tana ƙaruwa, wannan kason ya sauka. In kaya ne da za su zauna a sito shekara ba su canja ba, ya hau.

Sai ka dubi kurakuranka na baya. Kowane wata ka cire ƙiyasi daga ainihin abin da aka aika, ka raba da ƙiyasin. A misalinmu watanni takwas sun ba da waɗannan, cikin ɗari, daga ƙarami zuwa babba: -4, -2, -1, 0, 1, 3, 3, 6. In ka jera su daga D2 zuwa D9, wurin da kashi 75 ya faɗa a jerin shi ne 3:

```
=PERCENTILE(D2:D9,0.75)
=CEILING(2248,50)
```

Kashi 3 na 2,183 akwati 65 ne, jimla 2,248. Mai kawo kaya yana ba da su ne hamsin-hamsin a katan, layi na biyu na sama ya ɗaga adadin zuwa 2,250. Odar da za a bayar ke nan. Da an bi allo an ƙara sababbi 208 a kan 2,400, da an sayi fiye da 2,600.

In akwatinka yana da iri-iri, kamar girma daban-daban ko zaɓi tsakanin kala biyu, ka fara da jimlar sannan ka raba ta. Tsofaffi ka san zaɓinsu daga jeri, sababbi kuma ka raba su bisa yadda sababbin baya suka zaɓa. Irin da mutanensa ba su da yawa yana buƙatar rara mafi kauri a kaso, domin a rukunin mutum 60, biyar su ƙaru ya isa ya ƙarar da kaya.

Sake lissafi ranar 2, da binciken bayan rufe ƙofa

Washegarin cire kuɗi yawancin abin da kake ƙiyastawa ya zama abin ƙirgawa. Ka san waɗanda suka soke, da masu tsallakewa, da waɗanda kuɗinsu ya shiga. Abu biyu kaɗai suka rage a duhu, katunan da za su gyaru da sababbin kwana tara. Sake cike takardar da ainihin alƙaluma. Odar kaya ta riga ta tafi, amma har yanzu kana da abin yi: ka san ma'aikata nawa za ka kira ɗaurin kaya, ka faɗa wa kamfanin jigila yawan abin da zai ɗauka, kuma ka ga ko za ka ƙara talla don cinye rara ko ka rage shi don kada a wuce 2,250.

A misalinmu, da aka gama, akwati 2,205 ne suka fita. Ƙiyasi 2,183, kuskure 22, kusan kashi 1 cikin 100, ga 45 sun rage a sito. Da ganin haka mutum zai so ya rufe littafi. Amma in ka bi layi-layi sai ka tarar sababbi 250 ne suka shigo maimakon 208, an samu ƙarin 42. Masu tsallakewa 105 ne maimakon 88, an rasa 17. Sauran layukan gaba ɗaya sun gaza da 3. Kurakurai biyu ne manya suka rufa wa juna asiri. Da sun taho ta fuska ɗaya, da tazarar ta kusa 60, ta kusa cinye rarar duka.

Saboda haka kowane layi ka ajiye masa shafi biyu, na ƙiyasi da na ainihi, gefe da gefe. Layin da ya kauce sau ɗaya ka bar shi, yana iya zama sa'a. Wanda ya kauce ta fuska ɗaya wata uku a jere, kasonsa ya tsufa, ka sake auna shi daga watannin kusa. Game da masu tsallakewar nan 105, abin da za a fara dubawa shi ne ko an canja lokacin tura saƙon tunatarwa, ko an nuna abin da ke cikin akwatin Afrilu tun kafin ranar cire kuɗi mutane suka ga bai yi musu ba. In na biyun ne, kashi 6 yana nan daram don Mayu, sai dai ka tuna duk mutum 105 ɗin za su dawo layi a jerin da za ka sauke ranar 15 ga Afrilu.